Sauti na riga hoto tun da na jona PS4 ta cikin amfilifaya

Nura Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina neman taimako. Ina da ɗan shagon gem a nan Gusau, talabijin uku ne. Makon jiya na sayi amfilifaya 'yar kwatano mai ramukan HDMI, da sifiku biyar da wufa, na ce bari in gyara wa babbar talabijin sauti saboda ita ake buga gasa a kai. Na cire kebul ɗin PS4 daga talabijin na sa a amfilifaya, na ja wani daga amfilifaya zuwa talabijin. Sauti ya yi daɗi ƙwarai, amma hoto da sauti ba sa tafiya tare. Yara sun fara gudun wannan talabijin ɗin, suna cewa tana rikita su. Wa ya taɓa gyara irin wannan?

Sadiku: Wa alaikumus salam. Oga Nura, wannan mai sauƙi ne. Shiga Settings, ka je Sound and Screen, sai Audio Output Settings, sai Audio Format (Priority). Idan yana kan Bitstream (Dolby) ka mayar da shi Linear PCM. Ni haka na yi, nan take ya daidaita.

Nura Tudun Wada: Na duba yanzu, dama can a kan Linear PCM yake. Ban taɓa shi ba.

Ɗan Kaura: Sabis ne kawai. Ni ma in ina buga na onlayin da dare sai in danna fas, ɗan wasa ya tsaya yana kallona sai can ya buga. Ka canza layi ka gani.

Nura Tudun Wada: Ba onlayin ba ne ɗan'uwa, yara biyu ne zaune kan benci ɗaya. Ko intanet babu a na'urar.

Malam Bello mai gyara: Nura, kafin ka ƙara taɓa komai, amsa mini abu ɗaya. Wanne ke rigan wani? Ka sa bugun fanareti ka zuba ido a kan ƙafar ɗan wasa. Kana jin ƙarar bugun kafin ƙafa ta taɓa ƙwallo, ko ƙwallo na tashi sannan ƙarar ta biyo? Cuta biyu ce daban, maganin ɗaya yana ƙara wa ɗayar tsanani.

Nura Tudun Wada: Malam, na gwada sau biyar. Ƙarar ce ke fara zuwa. Ana jin "tum" ƙafa tana sama ba ta sauka ba.

Malam Bello mai gyara: To madalla, ka ga shi ya sa shawarar Sadiku ba ta yi maka aiki ba. Shawararsa daidai ce, amma ta wanda sautinsa ke makara ce. Kai hotonka ne ke makara.

Ga abin da ke faruwa. Da, lokacin da PS4 ke shiga talabijin kai tsaye, talabijin ce ke riƙe da hoto da sauti duka. Ita ta san tsawon lokacin da take ɗauka tana yi wa hoto kwalliya, sai ta riƙe sautin daidai wannan lokacin ta sake su tare. Shi ya sa ba ka taɓa lura ba. Yanzu amfilifaya ce ke fara karɓa. Tana zare sauti ta tura wa sifiku nan take, ta miƙa wa talabijin hoto. Talabijin ta zauna tana aikinta kamar kullum, sauti kuwa ya riga ya fita. Jinkirin dama yana nan, amfilifaya ta tona shi ne kawai.

Sadiku: Idan haka ne ai akwai Audio Delay a cikin menu na amfilifaya. Wasu suna rubuta Lip Sync ko A/V Sync. Ya ƙara lambar har su haɗu, an gama.

Nura Tudun Wada: Na samu Audio Delay. Na yi ta ƙarawa, a kan 120 suka haɗu. Yanzu ƙafa da ƙara tare suke. Na gode ƙwarai!

Malam Bello mai gyara: Kada ka yi saurin godiya, ƙanena. Kira yaron da ya fi kowa iya wasa a shagon, ka ba shi hannu ya buga minti goma, ka zo ka faɗa mana abin da ya ce.

Nura Tudun Wada: Malam, ka yi gaskiya. Ya ce sauti ya gyaru amma 'yan wasa sun yi nauyi, wai kamar a cikin laka suke gudu. Ya koma ƙaramar talabijin ya ce can ya fi.

Malam Bello mai gyara: Shi nake jira. Wannan 120 ɗin milisakan ne, wato kashi 120 cikin dubu na daƙiƙa. Wasan yana fitar da hoto 60 a kowace daƙiƙa, kowane hoto guda kusan milisakan 17. Ke nan talabijin ɗinka tana nuna wa yaro abin da ya faru hoto bakwai da suka wuce. Kai kuma maimakon ka rage wa hoto jinkiri, sai ka sa sauti ya zauna ya jira shi. A fim babu laifi, mai kallo bai danna komai ba. A gem kuwa yatsa ne ke lissafi. Yaro ya danna, ido ya makara, yanzu kunne ma ya makara.

Mayar da Audio Delay zuwa 0 tukuna. Sai ka ɗauki rimot ɗin talabijin, ka shiga saitin hoto ka gaya mini a kan me Picture Mode yake.

Nura Tudun Wada: A kan Vivid yake. Amma wallahi ni na san na sa Game Mode da hannuna tun ranar da na sayo ta.

Malam Bello mai gyara: A wane rami PS4 take da, wane rami kuma ka sa kebul ɗin amfilifaya yanzu?

Nura Tudun Wada: Da HDMI 1 ne. Yanzu na sa a HDMI 2 saboda shi ne aka rubuta ARC a jikinsa, wato ramin da ke mayar wa amfilifaya sautin talabijin.

Malam Bello mai gyara: Ga ɓarawon nan. Yawancin talabijin kowane rami da saitin hotonsa. Game Mode ɗinka yana can HDMI 1 yana jiran ka, HDMI 2 kuwa yana kan yadda ya fito daga kwali. Vivid shi ne wanda ake kunnawa a shago don launi ya ɗauki idon mai saye, kuma yana tafe da aikin da ya fi komai cin lokaci, wato santsin motsi. Talabijin tana jiran hoto na gaba ya iso, ta kwatanta shi da na baya, ta ƙirƙiro wani ta cusa a tsakani. Dole ta makara, tunda ba za ta nuna na yanzu ba sai ta ga na gaba. Sa Game Mode a HDMI 2. Idan bai kashe su da kansa ba, ka nemo duk wani abu mai kalmar Motion ko Noise Reduction ka kashe.

Na sha ganin wannan. Akwai wani mai gidan kallo a Talata Mafara da ya kawo mini amfilifaya a kan babur, ya ce in buɗe ta ta lalace. Na jona ta a bencina lafiya lau. Sai da na bi shi har can na tarar rami kawai ya sauya.

Nura Tudun Wada: Allahu Akbar. Na sa Game Mode, bambancin a fili yake. Launi ya ɗan dusashe amma yaron ya ce yanzu hannu ya saki. Sai dai ni kunnena kamar har yanzu sauti na ɗan riga, kaɗan.

Hajiya Maman Haidar: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda magana ta zo. Ni a gida ne, Birnin Kebbi. Yarana na wasa da dare, babansu na barci, sai na saya masu abin kunne na bulutut da ke haɗuwa da talabijin. Su ma suna ƙorafin sauti na zuwa a baya. Game Mode ɗin nan zai gyara?

Malam Bello mai gyara: Hajiya, barka da dare. Ki sa Game Mode don amfanin wasan, amma ba zai gyara wannan ba, zai ma iya sa tazarar ta ƙara fitowa, tunda hoto zai ƙara sauri sauti na nan inda yake. Bulutut na gama-gari yana matse sauti ya tura, abin kunnen ya tara ya warware, kuma hakan kan ci milisakan 150 zuwa 200, wani lokaci fiye. Babu saitin da zai cire shi. Mafita a hannunsu take: a ƙasan hannun PS4 da na PS5 akwai ƙaramin rami irin na abin kunnen waya. Ki saya masu mai igiya su soka a nan.

Hajiya Maman Haidar: Ikon Allah, ashe abin na kusa. Na gode Malam, Allah ya saka.

Malam Bello mai gyara: Amin Hajiya. Nura, mu dawo kanka. Kunne yana ruɗi idan tazara ta yi ƙanƙanta, musamman bayan ka yini kana saurare. Gara a auna. Wayarka na ɗaukar bidiyo mai hoto 60 a daƙiƙa? Idan tana yi, ka tsaya kusa, sifika ɗaya da fuskar talabijin duka a gabanka, kada ka wuce taku ɗaya daga sifikar. Kada ka auna da fanareti, don wasan kansa ba lallai ya ɗora ƙarar daidai kan taɓawar ƙafa ba. Koma babban menu na PS4, ka riƙa danna dama a hankali, kowane dannawa akwai ɗan "tik" kuma akwatin zaɓi na motsawa. Ɗauki kamar goma. Sai ka buɗe bidiyon a manhajar yanka bidiyo wadda ke nuna zanen sauti a ƙasa, ka bi shi hoto ɗaya-ɗaya, ka ƙirga hoto nawa ne tsakanin inda zanen sauti ya yi tsalle da inda akwatin ya fara motsi.

Ka yi haka sau biyu. Na farko PS4 kai tsaye a talabijin da sifikarta, shi ne ma'auninka, saboda wayar ma tana da nata ɗan kuskuren. Na biyu ta cikin amfilifaya. Bambancin da ke tsakani shi muke nema.

Sadiku: Malam, me ya kawo maganar taku ɗaya kuma?

Malam Bello mai gyara: Sauti tafiya yake yi a iska, kusan mita 343 a daƙiƙa, wato milisakan 3 a kowace mita. Idan ya tsaya a ƙofar shago mita biyar, iska kaɗai ta ƙara masa 15, kusan hoto guda ke nan. Wannan ma na nufin yaron da ke zaune mita uku daga sifika ya riga ya samu kusan 9 kyauta, sai a cire shi daga lissafi.

Nura Tudun Wada: An ɗauke wuta jiya ban samu yi ba, sai da safen nan na tada janareto. Ga abin da na samu. Kai tsaye a talabijin, kusan tare suke. Ta amfilifaya da Game Mode, sauti na riga da hoto biyu, wani lokaci uku. Don in tabbatar na mayar Vivid na sake ɗauka, bakwai na ƙirga. Daidai da lissafinka, Malam.

Malam Bello mai gyara: Aikinka ya yi kyau. Daga bakwai zuwa biyu da rabi, kusan milisakan 40 ya rage. Akwai sauran wuri ɗaya da za a matse. Wasu amfilifaya su ma suna taɓa hoto kafin su miƙa shi, suna ƙara masa girma ko su ɗora ma'aunin ƙara a kai. Shiga sashen Video na amfilifaya. Idan ka ga Video Conversion ko Scaler ka kashe, idan ka ga zaɓi mai suna Direct ko Through ko Game ka ɗauke shi. Abin da za ka rasa shi ne wataƙila lambar ƙara ta daina fitowa a talabijin, sai ka duba fuskar amfilifaya.

Nura Tudun Wada: Na kashe Video Conversion. Yanzu hoto biyu nake samu, sau biyu ma ɗaya na ƙirga.

Malam Bello mai gyara: To yanzu ne lokacin Audio Delay ya yi. Hoto biyu kusan 33 ne, ɗaya 17, mu ce 25 zuwa 30. Cire na iska, ka sa 20. Wannan saura shi ne abin da talabijin ba za ta iya ragewa ba, shi ya halatta a rufe da jinkirin sauti.

Sadiku: Ni fa a nan ban yarda ba, Malam. Tunda gasa ake yi, me zai sa a ƙara wa sauti ko da 20? Wanda ke wasan harbi yana so ya ji takun abokin gaba da wuri. A bar shi a 0 kawai, ai babu mai jin 20.

Malam Bello mai gyara: Maganarka na da ƙafa. Ma'aunin da masu watsa shirye-shiryen talabijin ke aiki da shi ya nuna mutane kan fara lura idan sauti ya riga hoto da kusan milisakan 45, amma idan baya yake sai ya kai wajen 125. Dalili, a duniya mun saba ganin abu kafin mu ji shi, kamar mai faskare daga nesa, ba mu saba da akasin haka ba. Don haka 25 ɗin Nura na ƙasa da inda yawancin mutane ke lura. Amma shi ya ce kunnensa na ji, kuma shi ke zaune a shagon daga safe har dare. Ni dai 20 zan sa.

Sadiku: Lokacin da ya ce yana ji ai 40 ne, kafin ya kashe Video Conversion. Oga Nura, ka sa wani ya riƙa sauya maka tsakanin 0 da 20 ba tare da ka gani ba, in ka iya bambancewa na janye.

Nura Tudun Wada: Zan gwada ranar da shago bai cika ba. Akwai kuma wani abu Auto Lip Sync a kusa da shi, in kunna?

Malam Bello mai gyara: An shigo da shi cikin HDMI tun 2006. Manufarsa talabijin ta faɗa wa amfilifaya yawan jinkirinta, ita kuma ta daidaita da kanta. Sai dai dole duka biyun su iya, kuma na ga talabijin da ba ta faɗin komai, na ga wadda ke faɗin lamba ɗaya ko tana Game Mode ko ba ta ciki. Irin wannan ta biyun sai ta mayar maka da sauti baya. Tunda ka iya aunawa, kunna ka auna. In bai fi ba, kashe ka bar lambarka.

Aminu Argungu: Malam Bello, ni tun jiya nike bin maganag ga, amma tawa matsala ta bi ta wata hanya. PS5 gare ni, ita kuwa ba ta da ramin oftikal, amfilifayata kuma tsohuwa ce ba ta da HDMI ko ɗaya. Sai na sa PS5 ga talabijin, na ja kebul ɗin oftikal daga talabijin zuwa amfilifaya. Ni sauti ne ka zuwa baya. A yi harbi, wuta ta haska, sannan ƙara ta biyo. Na ƙara jinkirin da kunka ce, abin sai ya ƙara lalacewa.

Malam Bello mai gyara: Dole ya lalace, Aminu. Wannan saitin riƙe sauti kawai ya iya, ba ya iya turo shi gaba. Mayar da shi 0. Ka duba wuri biyu, amfilifaya da kuma saitin sauti na talabijin, don ita ma tana da nata. Kayan kwatano sukan zo da saitin mai su na farko, har da nisan sifiku. Idan an rubuta wufa na mita takwas, amfilifaya za ta riƙe sauran sifiku su jira ta. Gyara kowane nisa zuwa na gaskiya.

Bayan nan kai ne mai shawarar Sadiku. Na'urar gem tana haɗa sautinta ne a buɗe. Idan ka zaɓi Dolby, sai ta matse shi nan take, talabijin ta karɓa, wata ma ta warware ta sake matsewa, amfilifaya ta sake warwarewa. Kowane hannu da ɗan lokacinsa. A PS5 ka shiga Settings, Sound, Audio Output, ka sa Audio Format (Priority) a Linear PCM, a talabijin kuma ka sa fitar sauti a PCM.

Aminu Argungu: Na iske 60 a cikin amfilifaya tun kafin in ƙara nawa, na share. Na sa PCM duka biyun, jinkiri ya tafi sarai. Amma sifikun baya sun yi shiru, biyu na gaba kaɗai ka magana.

Malam Bello mai gyara: Iyakar oftikal ke nan, haka ma ARC na da. Sauti a buɗe tasha biyu kaɗai suke ɗauka, tasha shida sai a matse. eARC, wato sabon ARC, shi ne ke ɗaukar duka a buɗe, kuma amfilifayarka ba ta da shi. Abu biyu za ka gwada. Na farko ka koma Dolby a PS5, amma a talabijin ka zaɓi Pass Through maimakon Auto, don ta miƙa ba tare da ta taɓa ba. A wasu talabijin yana rage jinkirin sosai, a wasu kaɗan. Na biyu ka zauna a PCM, ka danna Pro Logic II a amfilifaya idan tana da shi, ta raba tasha biyun zuwa sifiku biyar. Ba daidai yake da na asali ba, amma baya za ta yi magana kuma babu jira.

Sadiku: Ko ya sayi ɗan akwatin nan mai zare sauti daga HDMI ya fitar ta oftikal, ya tsallake talabijin gaba ɗaya.

Malam Bello mai gyara: Zai cire hannun talabijin, gaskiya ne, amma matsewa da warwarewa na nan. Kuma masu arha sukan sauke hoto, ya rasa 4K ko HDR. Kada ya saya sai mai kaya ya yarda a gwada a mayar.

Aminu Argungu: Tawa ba ta da Pass Through, PCM da Auto kaɗai na gani. Na sa Pro Logic II, ga wasan ƙwallo ya yi, ihun 'yan kallo na fitowa ta baya. Ga wasan harbi kam ban gane inda taku ka fitowa kamar da. Ban yanke ba tukuna, ko in haƙura da wannan ko in tara kuɗin amfilifaya mai HDMI.

Nura Tudun Wada: Ni dai nawa ya zauna: HDMI 2 a Game Mode, Video Conversion a kashe, Audio Delay a 20, Auto Lip Sync na gwada bai canza komai ba na kashe. Yara sun dawo babbar talabijin, jiya har layi aka yi. Sabuwar tambaya kuma, Malam. Ranar Asabar ina so in jona dikoda a amfilifayar don kallon ƙwallo, kuma nakan mayar da hoto Standard saboda launi. Wannan 20 ɗin zai ishe ta?

Malam Bello mai gyara: Ba zai isa ba, da ka fita Game Mode jinkirin hoto zai dawo. Amma amfilifaya da yawa suna ajiye Audio Delay na kowace mashiga daban. Sauya zuwa mashigar dikoda ka duba lambar. In ka ga 0 a can, to taka na rabawa, sai ka auna da bakin mai labarai ka sa mata nata. Abin da za ka kiyaye shi ne talabijin rami ɗaya take gani, don haka in an tashi kallo sai ka mayar da Game Mode da hannunka kafin yara su ɗauki hannu.

Nura Tudun Wada: Na duba, 0 ne a mashigar dikoda. Zan rubuta a takarda in manna a gefen talabijin saboda yaron shago.